Balans ya zo daidai, amma kuɗin akwati bai cika ba

«Malam, barka da aiki. Ni ne nake riƙe wa kawuna littattafan shagonsa na kayan gini kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Na fitar da balans na ƙarshen shekara a manhaja, debi jika 17,500, kiredi ma jika 17,500, ko dala ɗaya babu bambanci. To amma da muka ƙirga kuɗin akwati sai muka ga babu jika 300, kuma wani mai sayen kayanmu na Mirya ya rantse ya biya bashin da littafina ya ce ana bin sa. Kawu ya fara kallona wani iri. Idan balans ya daidaita, ba shi ke nan littattafan sun inganta ba?»

Amin wa alaikumus salam, ɗana. A'a, daidaituwar jimillar nan biyu ba ta isa shaida a kan ingancin littattafanka ba, kuma ba a ƙirƙiro balans don ya ba da irin wannan shaida ba tun farko. Wannan amsa ba ta wanke ka ba kuma ba ta kama ka ba, domin ɓatan jika 300 daga akwati yana iya zama kuskuren rubutu kawai, yana iya zama kuɗi ne da suka fita da gaske, kuma balans bai san bambancin waɗannan biyun ba. Abin da zai kwantar da hankalin kawunka yana cikin takardun da ke bayan lambobin, kuma can nake so in kai ka.

Abin da balans yake tabbatarwa

Tsarin rubutu mai ɓangare biyu, wanda Luca Pacioli ya fara buga bayaninsa a birnin Venis a shekarar 1494, yana tsaye ne a kan ƙa'ida guda: duk abin da ya faru a kasuwanci ana rubuta shi a wuri biyu da adadi ɗaya, wani asusu ya karɓa ta ɓangaren debi, wani ya bayar ta ɓangaren kiredi. Idan kawunka ya sayar da bandir ɗin kwano jika 60 kuɗi hannu, akwati, wato asusu na 571, yana samun debi na jika 60, ciniki kuma, wato 701, yana samun kiredi na jika 60. Tunda kowane rubutu an yi shi haka, dole ne idan aka tara debi duka aka tara kiredi duka su zo ɗaya. Balans shi ne takardar da ake jera asusun babban littafi a kanta a yi wannan tarin.

A ƙasarmu doka ce ta wajabta shi. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma dokar lissafin da aka sabunta a 2017, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, ta ambaci balans cikin littattafai huɗu da ake buƙata, tare da jurnal, wato littafin rubutun yau da kullum, da babban littafi da littafin ƙirgar dukiya. Shago mai girman naku, wanda cinikinsa na shekara bai kai sefa miliyan 60 ba, yana da damar bin tsari mai sauƙi na shige da ficen kuɗi kawai, amma tunda kun zaɓi cikakken tsari, kun kyauta, sai dai a bi shi har ƙarshensa.

Balans ɗin da muke amfani da shi yana nuna abu uku ga kowane asusu: ragowar da aka buɗe shekara da ita, motsin da aka yi a cikin shekara, da ragowar da aka rufe da ita, kowanne da debi da kiredinsa. Idan ya daidaita, ka tabbatar cewa babu rubutun da aka kai ɓangare ɗaya aka manta ɗayan, babu inda aka sa adadi daban a hagu da dama, kuma an yi tari da ɗebewa daidai. Akwai ƙarin gwaji guda da mutane da yawa suke tsallakewa, wato a duba ko jimillar motsin da ke balans ta zo ɗaya da jimillar jurnal. Ga mai rubutu da hannu wannan yana kama rubutun da aka shigar a jurnal amma aka manta kwafe shi zuwa babban littafi gaba ɗaya. Iyakar abin da takardar take iya yi ke nan: tana gwada littafi da kansa. Ba ta leƙa mangaza, ba ta buɗe akwati, ba ta tambayar mutumin Mirya. Sikeli ne da ya tsaya daidai da buhu biyu, wanda ba zai gaya maka ko gero ne a cikinsu ko tsakuwa ba.

Kai kuma da kake aiki da manhaja, shaidar ta ƙara raguwa. Manhajar lissafi ba ta yarda ta adana rubutun da debinsa bai kai kiredinsa ba, kuma ita ce take kwafewa zuwa babban littafi ta yi tari da kanta. Saboda haka balans ɗinka zai daidaita a kowace rana, ko da rabin takardun shekarar suna cikin aljihun kawu ba su taɓa zuwa teburinka ba. A zamanin rubutun hannu daidaituwar abin farin ciki ce, domin ana shan wahala kafin a same ta, kuma idan ba ta zo ba akwai dabarun nema: a raba bambancin biyu a nemi adadin da aka kai ɓangaren da ba nasa ba, ko a raba shi tara, domin idan aka juya lambobi, kamar 540 a maimakon 450, bambancin koyaushe yana rabuwa tara babu saura. A yau na'ura ta ɗauke wannan aikin, ta bar mana kurakuran da ita ba ta iya gani.

Mu gina shago a kan jimillarka

Ban ga littattafanka ba, don haka zan ƙirƙiri shagon misali a kan jimillar da ka kawo, in yi lissafin duka da jika don kada sifiri su cika mana ido. A ɓangaren debi, mu ce kayan sufuri 900, hajar farkon shekara 2,000, bashin da ake bin masu saye 1,350, banki 1,700, akwati 450, sarin kaya 9,000, hayar shago 600, gyare-gyare 800, albashin yara 700. Idan ka tara za ka sami 17,500. A ɓangaren kiredi, jarin mai shago 4,000, bashin da masu kawo kaya suke bi 1,500, ciniki 12,000, su ma 17,500. An ƙirga hajar da ta rage a mangaza ranar 31 ga Disamba an sami ta 2,300. Kenan kayan da aka sayar sun ci 8,700, ribar ciniki 3,300, idan aka cire haya da gyara da albashi, wato 2,100, ribar shekara ta tsaya a jika 1,200. Takarda ce mai tsabta, wadda duk wanda ya gani zai ce an yi aiki. Yanzu bari mu shiga cikinta.

Kuskure mafi nauyi, kuma wanda na fi yawan tararwa a shagunan garin nan, shi ne abin da ba a rubuta ba sam. Ranar 28 ga Disamba mota ta sauke fenti da kwano na jika 900 daga wani babban ɗan kasuwa na Maraɗi, bashi ne, za a biya bayan wata ɗaya. Direba ya miƙa wa mai shago faktir, shi kuma ya ninke ta ya sa a aljihun babbar riga, ya tafi sallar La'asar, magana ta wuce. Kayan suna mangaza, don haka ranar ƙirga an haɗa da su cikin 2,300 ɗin nan. Amma asusun sari na 601 bai sami debinsa ba, asusun masu kawo kaya na 401 bai sami kiredinsa ba. Tunda ɓangarorin biyu ne suka rasa adadi ɗaya, sikelin bai motsa ba. Abin da ya faru shi ne littafi ya ɗauki kayan jika 900 kamar kyauta aka ba shagon, riba ta kumbura da 900, kuma bashin da ke wuyan mai shago ya ɓuya da 900. Wannan kuskure yana da haɗari fiye da sauran saboda yana faranta rai. Mai shago yana ganin riba mai kyau ya cire kuɗi ya yi hidimar gida ko ya ƙara sari, sai ƙarshen Janairu ɗan Maraɗi ya bugo waya.

Na biyu ya shafi ƙasarmu musamman, kuma ba za ka same shi a littattafan koyarwa da ake shigowa da su ba. Kasuwa tana ƙirga da dala, littafi kuma yana ƙirga da sefa. Yaron shago ya ba wani magini siminti bashi, ya rubuta 30,000 a ɗan littafinsa, yana nufin dala dubu talatin, wato sefa 150,000, jika 150. Mai riƙe littafi ya ga lambar da yamma ya shigar da sefa 30,000, jika 30, a debin asusun masu saye na 411 da kiredin 701. Adadin kuskure ne, amma kuskure ɗaya ne a wuri biyu, saboda haka balans ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ciniki ya ragu da jika 120, bashin maginin ma ya ragu da 120, kuma idan maginin ba mai tsoron Allah ba ne, ranar da aka nuna masa littafi zai biya jika 30 ya yi godiya ya tafi. Alamar wannan kuskure ita ce adadin gaskiya ya ninka na littafi sau biyar daidai. Duk shagon da na yi wa aiki, abu na farko da nake roƙo shi ne a tsayar da ƙa'ida cewa ba a rubuta dala a kan takarda, ko da baki da ita ake ciniki.

Na uku shi ne a kai adadin gaskiya asusun da ba irinsa ba. A cikin gyare-gyaren 800 ɗin nan akwai jika 500 na sabon babur da aka saya don kai wa masu saye ƙananan kaya. Takardar ta fito daga wurin mai sayar da babura wanda shi ne yake yi wa shagon gyara, sai aka jefa ta asusun gyare-gyare na 624 kamar yadda aka saba. Babur kuwa dukiya ce da za ta yi shekaru tana aiki, wurinsa asusun kayan sufuri na 245, kuma abin da ya kamata ya shiga kashe-kashen shekara shi ne rabon tsufansa na shekarar kawai. Asusun biyu duka na debi ne, saboda haka jimilla ba ta ji komai ba, amma an danne riba da kusan 500, kuma babur ɗin ya ɓace daga jerin dukiyar shago. Idan wata rana aka zo rabon gado ko rabuwar abokan tarayya, babu inda takarda ta ce akwai shi. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne kuɗin cefanen gida ko na makarantar yara da mai shago ya ɗauka daga akwati a rubuta su cikin kashe-kashen shago, alhali wurinsu asusun mai shago ne na 104.

Idan aka gyara waɗannan ukun, riba ta tashi daga 1,200 ta koma 920: a cire 900, a ƙara 120, a ƙara 500. Jimillar balans kuma ta koma 18,520 a kowane ɓangare. Ka lura da wannan sosai: balans ya daidaita a 17,500 lokacin da littafin yake cike da kuskure, ya kuma daidaita a 18,520 bayan gyara, kuma babu wani abu a fuskar takardun biyu da zai nuna maka wacce ce ta gaskiya.

Abubuwa biyun da suka dame ka

Game da mutumin Mirya, kafin a ƙaryata shi a duba abin da ya fi faruwa. Mutum ya kawo jika 200, an karɓa, an rubuta debi a akwati daidai, amma kiredin ya tafi kan wani mai saye daban, sau da yawa mai suna irin nasa, ko ɗan'uwansa da suke zuwa tare, ko wanda sunansa yake biye da nasa a jerin da manhaja take nunawa. A babban balans duk masu saye suna dunƙule ne a layi ɗaya na 411, kuma 1,350 ɗin nan daidai take, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Riba ma ba ta taɓu ba. Ɓarnar tana cikin rabon bashin ne tsakanin mutane, inda ake bin wanda ya biya, an kuma yafe wa wanda bai biya ba. A kasuwa irin tamu, da mutunci da amana su ne rabin jari, ina ganin wannan kuskure ya fi na riba ciwo, domin dattijon da aka aika wa yaro neman bashin da ya riga ya biya ba lalle ya sake taka shagon ba. Hanyar ganowa ita ce ka fitar da ƙaramin balans na masu saye, kowa da layinsa, ka nemi wanda ragowarsa ta koma kiredi ko ta yi ƙasa fiye da yadda kawu ya sani a ransa. Sannan ka tambayi mutumin ranar da ya biya da wanda ya miƙa wa, ka buɗe jurnal na akwati a wannan ranar. Idan ka ga jika 200 sun shiga da sunan wani, magana ta ƙare. Idan babu alamarsu ko kaɗan a ranar da kwanakin da ke kusa da ita, to ko dai an karɓa ba a rubuta ba, ko ba a biya ba, kuma a nan rasit ne ko shaidu za su raba gardama.

Game da akwati kuma, lambar da ka kawo tana sa ni fara zargin rubutun da aka juya. Mu ce an ɗebi jika 150 daga akwati an kai banki. Daidai shi ne banki ya sami debi, akwati ya sami kiredi. Idan aka juya su, aka ba akwati debi aka ba banki kiredi, balans ba zai ce uffan ba, domin adadi ɗaya ne hagu da dama. Amma akwati da ya kamata ya ragu da 150 sai ya ƙaru da 150, wato littafi ya wuce gaskiya da 300, banki kuma ya gaza da 300. A shagon misalinmu littafi ya ce akwai 450 a akwati, hannu ya ƙirga 150, littafi ya ce 1,700 a banki, takardar banki ta ce 2,000. Saboda haka ka raba giɓinka biyu, ka nemi zubin jika 150 a cikin shekarar, ka kuma duba ko takardar banki ta fi littafinka da 300 bayan an cire abubuwan da suke kan hanya. Idan haka ne, ko dala ba ta ɓata ba, kuɗin suna banki.

Idan ba haka ba ne, sauran hanyoyin su ne waɗannan: an biya wani abu daga akwati ba a kawo takarda ba, kamar kuɗin mota da ƴan dako, ko mai shago ya sa hannu ya ɗauka don wata bukata ya manta bai faɗa ba, wanda a shagunan iyali ya fi komai yawa, ko an shigar da cinikin rana ɗaya sau biyu, wanda yake ƙara akwati da ciniki tare. Akwai kuma yiwuwar wani ya ɗauka da gangan. Ba na so a tsallake zuwa wannan kafin a gama da sauran, amma ba daidai ba ne in ɓoye maka cewa wanda ya san aikin yana iya satar kuɗi ya bar balans a daidaice, ta hanyar rubuta kashewar da ba a yi ba ko ƙin rubuta cinikin da aka yi. Shi ya sa ake so mai karɓar kuɗi ya bambanta da mai rubutu, kuma idan kai ne kake yin duka biyun, don kare kanka ka nemi kawu ya riƙa ƙirga akwati tare da kai duk yamma ku sa hannu a takarda.

Masu rubutun hannu suna da wani nau'i kuma, inda kuskure biyu marasa alaƙa suke cinye juna, an yi ƙarin jika 10 a tarin wani asusun debi, an yi ƙarin 10 a tarin wani na kiredi. Da manhaja wannan da wuya ya same ka, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Abin da babu takardarsa

Ko da kowace faktir ta shiga wurinta, akwai rubuce-rubucen ƙarshen shekara da babu wanda zai kawo maka takardarsu, sai dai kai ka zauna ka yi hukunci. Kayan sufurin shago sun tsufa da shekara ɗaya, dole a rubuta wannan tsufan. Cikin bashin da ake bin mutane wataƙila akwai jika 250 a kan wani da ya tafi ci-rani shekara biyu ke nan babu labarinsa, kuma barin wannan adadi a matsayin dukiya cikakkiya yaudarar kai ce. A mangaza akwai siminti da damina ta taɓa ya daskare, da fentin da ya bushe a gwangwani, waɗanda aka ƙirga da farashin sari alhali ba za su sayu a haka ba. Akwai wutar Disamba da takardarta sai Janairu za ta zo. Balans ɗin da aka fitar kafin waɗannan gyare-gyare da wanda aka fitar bayansu duka suna daidaita. A shagon misalinmu, bashin ɗan ci-ranin nan kaɗai zai sauko da riba daga 920 zuwa 670, kusan rabin abin da takardar farko ta nuna.

Yadda ake neman shaidar gaskiya

Hanyar ita ce a gwada kowane babban asusu da wani abu da ba daga littafinka ya fito ba. Akwati ana gwada shi da ƙirgar hannu. Banki ana gwada shi da takardar da banki ya bayar, layi bayan layi, kowane wata. Masu kawo kaya ana neman su turo nasu lissafin, kuma da an yi haka da ɗan Maraɗi da faktir ɗin jika 900 ta fito fili a rana ɗaya. Masu saye ana karanta wa kowa ragowarsa ya amince ko ya musa. Haja ana ƙirga ta, sannan, wanda shi ne matakin da ake yawan mantawa, a ɗauki takardun saukar kaya na makonnin ƙarshe na Disamba a tabbatar kowace tana da faktir a jurnal. Littafin faktir da na rasit su kasance masu lamba a jere, domin idan 214 da 216 suna nan babu 215, ka san inda za ka tambaya.

Shi kansa balans yana da amfani mai yawa idan aka daina kallon layinsa na ƙarshe aka karanta shi daga sama, asusu bayan asusu. Akwati ba ya taɓa zama da ragowar kiredi, domin ba a fitar da abin da babu, idan ka ga haka akwai shigar da ba a rubuta ba. Gyare-gyaren da bara suka ci 250 bana suka ci 800 suna neman bayani. Asusun jira, wanda ake ajiye abin da ba a gane ba a cikinsa, ya kamata ya zama fanko kafin a rufe shekara, kuma ina roƙonka kada ka taɓa zuba giɓin akwati a cikinsa don takarda ta yi kyau. Sannan ka auna ribar ciniki da ciniki. A misalinmu takardar farko ta ba da 3,300 cikin 12,000, wato kashi 27.5 cikin ɗari, alhali bayan gyara abin ya koma 2,520 cikin 12,120, kusan kashi 21. Ɗan kasuwar da ya daɗe a sana'arsa ya san abin da yake ɗorawa a kan kayansa ko bai taɓa buɗe littafi ba, don haka idan ka gaya wa kawu cewa littafi ya ce a kowace jika ta ciniki yana samun fiye da dala hamsin, shi da kansa zai ce maka wannan bai yiwu ba, kuma wannan maganar tasa ta fi daidaituwar jimilla amfani a gare ka.

Idan ka gano kuskuren, kada ka goge kuma kada ka buɗe tsohon rubutu a manhaja ka canza shi a ɓoye. Dokar OHADA ta ce a riƙe littattafai babu giɓi babu kankara, kuma kuskuren da aka yi aka gano a cikin shekarar lissafi ɗaya ana soke shi ne ta sake rubuta shi da alamar ɗebewa, sannan a shigar da na daidai. A rubutun da aka juya, za ka sa debi na sefa −150,000 a 571 da kiredi na sefa −150,000 a asusun banki na 521, sannan ka rubuta zubin yadda ya kamata, ka maƙala takardar banki a baya. Haka duk wanda ya zo dubawa, ko kawu ne ko jami'in haraji, zai ga kuskuren da gyaransa da dalilinsa. Takardun kuma a adana su shekara goma, kamar yadda dokar ta tanada.

Ban isa in ce maka ga takamaiman inda jika 300 ɗinka suke ba tare da na ga jurnal na akwati da takardun banki ba, kuma idan har an riga an rufe shekarar an kai wa ofishin haraji takardu, hanyar gyaran ta bambanta da wadda na faɗa, sai ka zauna da kwantabul mai rajista ya duba girman kuskuren. Abin da zan ba ka shawara a wannan makon shi ne ka karɓo takardun banki na watanni goma sha biyu, ka fitar da ƙaramin balans na masu saye, ka roƙi kawu ya ba ka awa biyu bayan an rufe shago, ya zo da duk takardun da ke aljihunsa da cikin motarsa. Mutumin Mirya kuma kada a sake aika masa kowa har sai kun buɗe jurnal na ranar da ya ce ya biya.